Tallan Gwadabe na Ƙarshe

Duk wanda ya ci kasuwar Rano shekarun baya ya san muryar Gwadabe. Shekara talatin yana yi wa masu kaya talla, ko lasifika ba ya nema. Matarsa Ramlatu takan ce daga tsakar gida take jin ko ciniki ya yi.

Sai murya ta fara dushewa. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro. Aka sayar da gona, 'yarsa Bushra, ma'aikaciyar jinya, ta kai shi Chennai ta ƙasar Indiya. Can aka gaya masa gaskiya: za a yi aiki ya rayu, amma muryar za ta tafi.

Kwana tara ya rage a yi aikin. A ƙasan masaukinsu akwai shagon kayan zaƙi na wani tsoho, Murugesan. Gwadabe yakan zauna a bakin shagon, ƙamshin man shanu da ake narkarwa ya ɗauke shi ya kai shi rugar Madachi can gida, har ya ji kukan maruƙa a cikin hon ɗin motoci.

Bikinsu na fitilu ya matso, tsohon ya sa wani malamin makaranta ya rubuta masa takardar talla da harshensu, Tamil. Gwadabe ko baƙi ɗaya bai sani ba, amma karambani bai bar shi ba. Ya ce a karanta ya ji.

"Bushra, gaya masa wannan labaran rediyo ne, ba talla ba."

Ta faɗa da Turanci. Tsohon ya yi dariya, ya ce ai Tamil ɗin takarda daban, na baki daban.

"To mu na bakin muke so. Me yake ce wa maƙwabciyarsa in ta zo wucewa?"

Abin da tsohon ya faɗa shi aka rubuta, layi uku. "Vanga, vanga," wato ku zo, ku zo. Yanzu aka sauke, da zafinsa. Ku ɗanɗana tukuna, ciniki sai daga baya.

Gwadabe ya haddace da kunne. Ranar da za a kwantar da shi, ya tsaya ƙofar shagon da hularsa, ya saki ragowar muryar. Mata suka tsaya da jakunkunansu suna dariya, suka shiga. Bushra ta ɗauka a waya tana kuka.

Yanzu yana Rano, yana zama a inuwar ƙofar gida, hira sai da hannu. Ramlatu ta daɗe tana fushi, ta ce ya rasa inda zai kashe muryarsa sai kan alawar wasu. Ni ma da muke maƙwabtaka da su na ji mata ciwo.

Amma ran nan na shiga gaishe ta, na tarar tana tankaɗe, wayar Bushra na gefen tabarma, muryar Gwadabe tana kira "vanga, vanga". Ba ta san na shigo ba. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Na ji, Malam. Ga ni nan zuwa."