Saƙin Gida Biyu a Zane Ɗaya

Wannan abu ya faru a daminar da ruwa ya tafi da gadar katakon bayan gidanmu a unguwar Briqueterie, bayan maigidana ya sauke farali, amma kafin a jawo mana famfo cikin gida. A lokacin ne matar ɗana na fari ta haihu, haihuwar fari, 'ya mace.

Ni dai ban taɓa zama a aji ba, amma duk unguwar nan an san allurata. Can arewa haɗa saƙi aikin maza ne. Ni a gindin ubana na koya, don shi maɗinki ne kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Masaƙi ba ya saƙa zane, ƙwarya yake saƙawa, doguwa siririya, faɗinta bai wuce yatsu huɗu ba. Sai a yanka ta tsawo ɗaya, a jera, a kama baki da baki. Idan ratsin a tsaye yake, ko makaho ya haɗa. Idan a kwance yake, to nan ake sanin hannu, don dole baƙi ya tarar da baƙi, fari ya tarar da fari, tun daga wannan gefen zane har wancan.

Tun cikin yana ƙarami na sa wani masaƙi da ya zo daga Nijeriya, yana zaune a unguwar Ekoudou, ya yi mini ƙwarya baƙi da fari, don zanen da mai jego za ta ɗaura ranar suna. Ashe uwar matar ɗan nawa, Bafillatana ce mai tuwon sayarwa a layin ƙasa da namu, ita ma ta aika ƙauyensu, yayanta tsoho ya saƙo mata. Baƙi da fari, ratsi a kwance, kamar mun haɗa baki.

Na je barka, na tarar da mai jego ta ƙi cin abinci. Kunun kanwa ya huce a gabanta. Da uwar ta fita, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ƙugu ɗaya gare ni. In na ɗaura naki, Dada, uwata, ba za ta ce komai ba, amma za ta yi shiru har shekara. In na ɗaura nata, da wane ido zan dawo gidanki?"

Na ce, "Ke 'yar nan, ci abincinki. Mai jego da yunwa, ina jaririya za ta sami nono?"

Ba ta ci ba. Ta ce, "Ku haɗa su mana."

Washegari uwar ta hau gangaren nan namu da ƙunshinta a ka, jan laka har ƙwauri. Muka gaisa gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon tabarma. Sannan muka baje kaya. Na ɗora ƙwaryata kusa da tata, na daidaita ratsin farko. Na biyu ya ɗan goce. Kafin a kai ƙarshe, baƙinta yana kallon farina. Tsohon nata hannunsa ya yi laushi, bugunsa sakwa-sakwa, ratsinsa ya fi tsawo. Nawa masaƙin saurayi ne, yana buga zare kamar yana bin sa bashin gaba.

Ta ce, "Hajiya, naki gajere ne."

Na ce, "Naki ne ya yi tsawon banza, Hajiya, kamar sandar kiwo."

Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Daga nan kunya ta ragu.

Na shinshina nata, na ji ƙamshin koko. Ba a taɓa wanke shi ba, ƙullun da aka sa wa zaren yana nan. Muka jiƙa duka biyu, muka matse, don abin da zai tsuke ya tsuke tun kafin allura ta shiga. Rana ta ƙi fitowa, ka san garin nan. A kan igiya a kicin muka shanya, har suka ɗauki ƙaurin itace. Nata ya tsuke sosai, amma da sauran rata.

Shawarata ta farko, nawa a sama, nata a ƙasa, kowa da yankinsa. Muka gwada da babban ɗinki, muka shimfiɗa. Zane ya lanƙwashe kamar ƙahon sa, don dogayen sun taru gefe guda suna ture gajerun. Ta ce a juya, nata a sama. Muka juya, ƙahon ma ya juya. Maigidana ya leƙo daga zaure ya ce, "Wannan zane ne ko lauje?" Muka kore shi tare.

Hanya ɗaya ta rage. Ɗaya tawa, ɗaya tata, ɗaya tawa, ɗaya tata, yadda kowace doguwa za ta sami gajeru biyu sun riƙe ta hagu da dama. Kuma ba daga baki za a fara ba. Na naɗe kowace ƙwarya biyu na nemo ratsin tsakiya, na ɗaure tsakiya da tsakiya, don ratar ta rabu biyu, kowane gefe ya ɗauki rabi. Sannan kowane ratsi na kafe shi da ɗan'uwansa da zare ɗaya kafin ɗinki. Tsakanin kafi da kafi, ka ja gajeren kaɗan, ka tauso dogon da babban yatsa, allura na cin rarar a hankali yadda ba zai tattare ba.

Uwar ta zauna tana kallo, hannunta na motsi a cinya. Na miƙa mata allura. Na ce, "Daga tsakiya ki yi gabas, ni in yi yamma."

Ta ce, "Ba kya tsoron in ɓata miki suna?"

Na ce, "Gefenki ne za a soke a ƙugu, ba mai gani."

Ta ce, "Allah ya isa, Hajiya!"

Gaskiya hannunta ba laifi. Ɗinkinta ya fi nawa faɗi, kuma sau da yawa sai na ce ta sassauta, kada bakin ya hau kan baki ya yi tudu. Amma mai tuƙa tuwo ba ta rasa ƙarfin yatsa. Muna ɗinki gwiwa na gugar gwiwa, ta ba ni labarin yayan nata, wanda ya goye ta da suka rasa uwa, ta ce idonsa ya fara hazo, wataƙila wannan ne saƙinsa na ƙarshe. Ƙwarya ba ta zo daidai ba, akwai guda da za ta yi rara, sai na sa tasa a bakin sama da bakin ƙasa duka, tawa ta koma akwati.

Ranar suna yarinya ta fito tsakar gida da zanen. A tsakiya ratsin ya miƙe sak, ka ce hannu ɗaya ya saƙa. Can wajen gefuna ya ɗan yi rawa, ni na san wurin, uwar ma ta sani. Wata mai sayar da atamfa a unguwar Messa ta shafa ta ce, "Wa ya yi wannan?" Yarinya ta ce, "Iyayena." Ta zauna ta cinye akushin tuwo da naman suna, har muna ce mata ta bar wa baƙi.

Maigidana ya riga mu gidan gaskiya. Tsohon masaƙin bai ga wata damina ba. Saurayin Ekoudou ya ajiye ƙoshiyar saƙa ya koma garinsu, ban san ko yana raye ba. Mai jegon nan yanzu ita ke dafa mini abinci, jaririyar kuma tana karatu, Faransanci a bakinta kamar ruwa. Sai ni, sai Bafillatanar. Ta koma wajen ɗanta a unguwar Nkomkana, ƙafa ta hana ta hawan gangare, amma duk sallah sai ta aiko a gaya mini gefenta ya fi nawa miƙewa. Ƙarya take yi, Allah ya ƙara mata lafiya.