Takardar da Na Rubuta Kan Gyaɗar Garinmu

A ƙarshen zamanin Turawa ni ne mai gwajin mai a wani kamfanin matsar gyaɗa a Kano. Nakan ɗebi mai kaɗan in gauraya da sifirit da wani magani, sai in riƙa ɗiga ruwan soda har launin ya juya. Idan ya sha soda da yawa kafin ya juya, tsami ya yi yawa a man ke nan.

Wata shekara ruwa ya sauko bayan an cire gyaɗa. Da kaka ta yi nisa, man tanki guda ya wuce ƙa'ida. Sau uku ina maimaita gwajin. Na je sito na farke ragowar buhunan da aka matso shi daga ciki, na tarar da gyaɗar da danshi, wata ta yi funfuna. Tambarin jikinsu na rumfar awon ƙauyenmu ne, arewa da Ɗambatta, inda yayana yake saya wa kamfani.

Na rubuta wa manaja takarda. Na ce man ba zai tafi a matsayin na ci ba, domin an ɗura gyaɗar a buhu ba ta bushe ba, ta lalace a ajiye. A sayar da shi ga masu sabulu, a wanke tankin, a shanya ragowar buhunan a tsince su. Kada a ƙara karɓar kayan wannan rumfa sai an gwada danshinsu. Na daɗe riƙe da alƙalami kafin in sa sunan garin.

Manaja ya karanta, ya ce shi ba ya da lokacin gwada kowace mota. Ya soke rumfar gaba ɗaya.

Ranar Asabar na hau mota zuwa gida. Na sami Yaya a bakin gona, yana ɗaure harawa. Muka gaisa, na gaya masa komai.

"Kai ka rubuta?" in ji shi.

"Ni ne, Yaya."

"Na san da danshi. Mutane suna kawowa, mota tana jira. Wa zan kora? Baffa?"

Ya ɗora harawar a ka, muka nufi gida, yana gaba ina baya, ta ɗan lungun da ke tsakanin gonaki.

Daga shekarar nan mutanenmu sai sun kai gyaɗarsu Ɗambatta a kan jakuna. Yaya ya mayar da sikelin kamfani, ya koma noma kawai. Bai taɓa yi mini gori ba, amma har ya rasu bai sake tambayata labarin aiki ba. Inna kuwa, duk zuwan da na yi, ba ta fasa ba ni ƙuli-ƙuli in tafi da shi ba.