Ƙwallon da Ban Faɗa wa Malam Ba

Ni na jefa ƙwallon da ta sami Malam a idon dama. Na fi son in faɗi haka tun farko, don duk wanda na ba labarin nan yakan yi saurin cewa tsautsayi ne, ni kuwa na san abin da na yi.

A lokacin ina ƙaramin akawu a wani ofishi da ke Dokki, a birnin Alƙahira. Malam shi ne tafintanmu. Ya zo karatun addini tun ina makarantar firamare, ya gama, ya zauna. Duk takardar Larabci da ta shigo ta hannunsa take bi, da idonsa yake ci da iyalinsa. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Ina ce masa Malam, shi kuma yana ce mini ɗan boko, in ya ga dama ya ce ƙanena.

Wasan kurket ne ya haɗa mu. Ni a makarantar kwana na koya, can gida. Shi kuwa ɗaliban Pakistan da suka yi ɗaki ɗaya ne suka koya masa, suka ga yana da hannun cafke abu, suka tsugunar da shi bayan sanduna ukun nan da mai bugu yake karewa. Aikinsa ke nan, duk ƙwallon da ta wuce mai bugu shi zai kama. Ranar da na fara ganin malamin da ke ja mana salla ya ɗaura kariyar ƙwauri, ya sa manyan safar hannu, ga gemu ga tabarau, sai da na riƙe baki.

Muna wasa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a wani fili da aka ba baƙi aro. Filin ba shi da ƙasar wasa ta kirki, saboda haka tabarmar igiyar kwakwa ake shimfiɗawa a kafe ta da ƙusoshi. Masu jifan murɗe irina suna son tabarmar nan, don ƙwallo na kama ta sosai, ta kuma yi tsalle.

Jifana iri ɗaya ne, wanda ake kira of-sifin. Ƙwallon kurket tana da tauri, an naɗe ta da fata, ga ɗinki mai tudu ya zagaye tsakiyarta. Sai ka ware manuniya da ɗan yatsan tsakiya a kan ɗinkin. Lokacin sakinta ka murɗa yatsun zuwa dama, kamar mai murɗa mabuɗi a ƙofa, manuniya ita ke yin yawancin aikin. Ƙwallo za ta tafi tana juyi a iska. Da ta dira, ɗinkin ya ciji ƙasa, sai ta karkata ta bi inda juyin ya nufa. In mai bugun na hannun dama ne, daga gabansa take tasowa ta shigo masa wajen ƙafafu. Shekara da shekaru ina wannan, har manuniyata ta yi kanta, kuma ina alfahari da kantar fiye da takardar shaidar makarantata.

Ga mai jifan murɗe, mai tsaron baya ba ya ja da nisa. Daf da sanduna yake tsugunawa, fuskarsa ba ta fi taku ɗaya daga katakon bugu ba, kuma a zamanin ba wanda ke sa hular kwano. Shekara huɗu Malam yana tsuguna mini haka. Tun ƙwallo ba ta dira ba hannuwansa sun riga ta isa inda za ta je. Ina ɗauka tsabar iya karanta hannu ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne tsiyarsa. Duk ranar da aka dake ni sai ya ce, "Ɗan boko, kai fa tarago ne, layi ɗaya ka sani. Kowa ya san inda za ka bi."

Mutane su yi dariya, ni ma in yi, amma na ciki na ciki. Ina da zuciya a lokacin, kuma ba na son a raina ni gaban 'yan Indiya da Turawa.

Akwai wani dattijo ɗan Pakistan a ƙungiyarmu, mai haɗa magani ne, ya daina wasa sai dai alƙalanci. An ce da ƙuruciyarsa gwanin leg-sifin ne, wato jifan murɗen da ke akasin nawa. Na same shi a gefe na roƙe shi ya koya mini, na kuma ce kada kowa ya ji.

Ya karɓi ƙwallo ya nuna mini. Ya ce wancan naka aikin yatsu ne, wannan kuwa aikin wuyan hannu ne. Manuniya da na tsakiya suna kan ɗinki, amma ɗan yatsan zobe ne ke lanƙwashe a gefe, shi ne mai aikin. Ka karya wuyan hannu ciki, lokacin saki ka warware shi da ƙarfi daga dama zuwa hagu, yatsan zobe ya fizgi ɗinkin. Ƙwallo za ta yi juyi akasin nawa na da. In ta dira wajen ƙafafun mai bugu na hannun dama, sai ta kauce masa ta yi waje. Ya ce juyin ya fi ƙarfi, tsallen ya fi tsawo, amma sarrafa ta sai an sha wuya. Kafin mu rabu ya ƙara da cewa, "In ka iya, mai tsaron bayanka shi ne mutum na farko da za ka faɗa wa."

Na ce to. A raina kuwa na ce ai don shi nake koyo.

Wata biyar ina jifa a saman benen da nake haya, tsakanin igiyoyin shanya da kejin tattabarun maƙwabta. Na farko-farko har titi suke faɗawa, mai gadin gidan ya hauro yana haki yana cewa, "Khalas ya ustaz, za ka kashe mutum!" Sannu a hankali ta fara zama inda nake so. Kullum ina hango fuskar Malam ranar da ƙwallo za ta bi ta inda bai zata ba, in ce masa, to Malam, yau tarago ya sauya layi.

Ranar ta zo a wani wasa da ma'aikatan wani kamfanin Turawa. Wani dogon Bature na hannun dama ya tsaya ya hana mu sakat. Jifa huɗu na yi masa, biyu ya aika bakin fili. Malam ya tafa safarsa ya ce, "Yalla ɗan boko, kawo ta!"

Na juya baya na sauya riƙo. Ban ɗaga masa hannu ba, ban yi masa wata alama ba. Na ce in gwani ne ya karanta.

Tunda nake ban taɓa jefa mai kyau irinta ba, abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki ke nan. Ta dira daidai saitin sandar tsakiya. Baturen ya kawo katako yana jiran ta shigo masa. Malam ma ya kai hannuwansa biyu hagu, bayan ƙafafun mutumin, inda ƙwallona ta saba zuwa. Ita kuwa ta kama tabarma ta yi waje, ta wuce katakon, ta tashi sama da sanduna. Babu komai tsakaninta da fuskarsa.

Ƙarar da na ji ta fashewar gilashi ce. Malam bai yi ihu ba. Ya zauna daɓas, ya kai safar hannu fuska, jini ya biyo ta ƙarƙashinta ya sauka a gemu. Rabin tabaraunsa yana kan tabarma.

Na kasa motsi. Wallahi ina tsaye inda na saki ƙwallon, hannuna bai gama sauka ba, ina kallon mutane suna gudu suna wuce ni. Dattijon nan da ke alƙalanci yana tsaye kusa da ni. Ya ga riƙon, ya ga komai. Ya dube ni ya ce a hankali, "Ba ka faɗa masa ba?" Ya cire hularsa ya ruga wajen Malam.

A motar Baturen aka kai shi asibiti, ni na riƙe kansa a cinyata. Yana ta salati. Likita ya ce gilashi ya shiga idon, za su yi aiki, sauran sai an kwance bandeji.

Washegari na je da niyyar faɗa masa gaskiya. Matarsa ta ba mu wuri. Na durƙusa gefen gado na ce, "Malam, ba kuskure ba ne. Da gangan na sauya jifa. Leg-sifin na koya a ɓoye, ina so in ba ka mamaki. Na ɗauka za ka gani a hannuna."

Sai ya ce, "Ƙanena, wane hannu? Na fi shekara biyu ba na ganin yatsunka daga inda nake. Inuwarka nake gani ta taho, ƙwallo kuma sai ta yi rabin hanya."

Na ce, "To yaya kake kamawa?"

"Na san ka ne. Ba ka lura na daina tsaron baya ga kowa in ba kai ba?"

Na lura mana. Na ga yana miƙa safa ga wani in za a sauya mai jifa, yana cewa gwiwa ce ke damunsa, kuma na yarda da zancen gwiwar. Ashe duk tsiyar layi ɗaya da yake mini, a kan layin nan ya ɗora fuskarsa shekara biyu, ni kuma ina saman bene ina shirya yadda zan kauce masa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Ma'alish, ba komai. Ni ma na ɓoye nawa. Yi mini addu'a dai, na daman nan shi ne mai ɗan ƙarfin, da shi nake karatu."

Kwana tara muna jira. Takardun Larabci suka taru a teburinsa, ba wanda ya taɓa su. Ni ke wucewa ta gaban teburin sau goma a yini.

Ranar kwance bandeji da hantsi na je. Likita ya warware a hankali, ya goge gefen idon, ya sa aka ja labule ya rage haske. Ya ce Malam ya rufe na hagu da tafin hannu, ya buɗe na dama. Malam ya yi bisimilla ya buɗe. Idon ya yi ja, amma yana nan, har na fara hamdala a zuci. Na matso na tsaya daidai gabansa, kusan gwiwata na taɓa tasa, don in zama farkon wanda zai gani.

Ya juya kai dama, ya juya hagu. Ya ce, "Likita, na buɗe?"

Likitan ya ce ya buɗe.

Sai Malam ya ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke bakin ƙofa, ya ce, "Ƙanena bai shigo ba ne?"