Kabewar Eulalia

Shekara talatin Eulalia tana tafinta a garinmu, kusa da Murcia a ƙasar Sifaniya, ba ta taɓa aure ba. Ta dawo daga Jamus da yarensu da kuma gajen haƙuri.

Ranar bikin Nieves da wani Bajamushe, sai uban amarya, Fulgencio, ya ƙi ɗaukar Eulalia aikin tafinta, ya ce ƙanen ango ya iya Sifaniyanci.

Fulgencio ya miƙe ya yabi 'yarsa da karin maganar Sifaniyanci: ba ta da gashi a harshe, ta ba maza huɗu kabewa, yau ta sami rabin lemonta. Ƙanen ango ya juya maganar zuwa Jamusanci kalma bayan kalma. Uwar ango ta ajiye cokali, ta tambaya ko ɗanta ma zai samu kabewar.

Eulalia ta taso daga teburin baya. Ta ce wa dangin ango ana nufin yarinyar ba ta ɓoye magana, ta kori manema huɗu, yau ta dace da mijin da ya yi daidai da ita. Sai a lokacin suka tafa.

Fulgencio ya ce, "Ke, wa ya sa ki? Kin tabbata haka kabewa take nufi?"

Ta ce, "Fulgencio, wadda na ba ka shekara arba'in da suka wuce, miya ka yi da ita?"