Wanda Ya Riƙe Kamfas

Osman kafinta ne, Bahaushen Sudan, haifaffen Fot Sudan. Mahaifinsa maƙerin kwalekwale ne a bakin Bahar Maliya, a hannunsa ya koyi fiƙar katako. Yana saurayi ya zo Madina, ya kama ɗaki a unguwar Jurf, ya auri Fatna, suka haifi ɗa guda, Haisam. Ƙofofi da kabad ya fara yi. Daga baya wani gidan baje kolin kimiyya ya ba shi aikin ƙera ƙananan jiragen ruwa irin na da, da kayan da matuƙansu ke amfani da su. Osman ba ya ƙera abin da bai gane ba, saboda haka sai da ya bi malamai da tambaya har ya san aikin kowane.

Haisam ya girma bai damu da wannan ba. In an yi masa Hausa, da Larabci yake amsawa. Shekarar da yaƙi ya ɓarke a Sudan ita ce shekarar da iƙamarsa, takardar izinin zama, ta ƙare, aka kasa samun kafilin da zai tsaya masa a sabunta ta. Dole ya fita, ga shi ƙasar da fasfonsa ke nunawa tana ci da wuta. Ya ce shi Masar zai nufa, daga nan Libiya, ya ƙetare teku zuwa Turai a jirgin roba.

Fatna ta yi kuka har muryarta ta dishe. "Abu Haisam, ka zauna kana fiƙar itace? Kai ka san teku. Ka tsorata shi mana!"

Osman ba mai yawan magana ba ne. Dabarar da ta zo masa ita ce ya nuna wa ɗansa abin da magabata suka tanada kafin su yi nisa da gaɓa, ko ya gane cewa jirgin roba ba jirgi ba ne.

Ya fara da jirgin da ke kan teburinsa, irin wanda Turawan Fotugal suka zagaya Afirka da shi. Ya nuna masa ƙashin bayan jirgin, dogon katakon da ke nitse a ƙasa, wanda ke hana iska tura shi gefe. Ya nuna masa daffa, faifan katakon da aka ɗaure a tsakiyar bayan jirgi ana juya shi da ita. Kafin ta, da dogon filafili ake juyawa daga gefe, igiyar ruwa kuwa kan fizge shi. Sai shira'i, ƙyallen da iska ke turawa. Mai kusurwa huɗu yana gudu in iska na bayanka. Mai kusurwa uku, irin na jiragen Larabawa, ana karkata shi, jirgi ya riƙa saɓa wa iska, ya yi dama ya yi hagu yana cin gaba.

"Da wannan ne mutum ya san in ya tafi zai iya dawowa," in ji Osman. "Naka na robar fa? Ba ƙashin baya, ba shira'i. Inji ya mutu, kun zama buhu a ruwa."

Haisam ya yi dariya. "Yaba, su ma da farko mahaukata aka ce musu."

Washegari da tsakar rana suka hau rufin gida da usturlabi, wani zagayayyen faifan tagulla mai nauyi, an huda cikinsa don kada iska ta kaɗa shi, an zana darajoji a bakinsa. Osman ya rataye shi a yatsa ta zobensa, ya riƙa juya hannun da ke tsakiya mai ƙananan huda biyu, har hasken rana ya shiga ta hudar sama ya faɗa kan ta ƙasa. Suka jira rana ta kai ƙololuwa ta daina hawa. Hannun ya tsaya a sittin da biyar da rabi.

"Yau dare da rana sun yi daidai, rana na kan layin tsakiyar duniya. Cire wannan daga casa'in."

"Arba'a wa ishirin wa nus."

"Da Hausa, ɗan nema."

"Ashirin da huɗu da rabi."

"To nisan Madina ke nan daga wannan layi. Sauran ranaku sai ka duba jadawali ka ƙara ko ka rage, don rana na karkata arewa ko kudu. Matuƙi yakan bi kudu ko arewa har ya kai darajar garin da yake nema, sannan ya miƙe gabas ko yamma. Amma nisan gabas da yamma wannan bai faɗa masa. Nan mutane da yawa suka halaka."

Kamfas ya bari a ƙarshe, abin da a Madina ake ce wa busla. Allura ce da aka goga wa maganaɗisu, tana kwanciya arewa da kudu ko hadari ya rufe sama. A jirgi ana sa ta cikin zobba biyu masu lilo, don ta zauna daidai komai tangaɗi. Osman ya matso da guduma kusa, allurar ta bi ƙarfen. "Ka gani? Tana ƙarya in ƙarfe na kusa. Shi ya sa ake gwada ta da tauraron arewa."

A nan ya lura Haisam ya daina dariya. Yana tambaya, yana sake juya kamfas ɗin, idonsa na ƙyalli. Osman ya so ya ga tsoro, sai ya ga ɗansa ya sami ƙwarin gwiwa. Mako bai cika ba Haisam ya tafi.

Sauran labarin a waya suka ji shi, daga bakin wata 'yar Chadi, Ƙaltume, da suka shiga jirgi tare. A gaɓar Libiya masu safarar suka tambaya wa ya san busla. Haisam ya ɗaga hannu. Suka miƙa masa, suka ce ya riƙe arewa, su kuma suka koma tudu. A teku ya ga allurar ba ta dace da tauraro ba, ya gane ƙarfen inji ne ke jan ta, ya rarrafa ta kan mutane ya koma gaba, yana nuna wa mai riƙe da inji hanya da hannu. Da haka suka kai inda jirgin ceto ya tsince su.

A tashar Italiya jami'ai suka tara su, tafinta ya tambaya wa ya riƙe kamfas. Ƙaltume ta ɗauka yabo za a yi. Ta kamo hannun Haisam ta ɗaga, tana sa masa albarka, sauran ma suka nuna shi suna kabbara. Ba su san cewa a dokar can, wanda ya jagoranci irin wannan jirgi ana iya tuhumarsa da safarar mutane ba.

"Wallahi Baba, alheri na nufa," ta ce tana kuka. Osman ya ce ya sani.

Kotu ta yanke wa Haisam shekaru a kurkuku. Da aka ba shi damar waya ya kira gida, Fatna ta ɗauka, ta miƙa wa mijinta.

"Yaba, ba wanda ya mutu. Har jarirai mun fita da su."

"Alhamdu lillahi. Kana cin abinci?"

"Ina ci. Mama fa?"

Osman ya duba Fatna. Tun ranar da labarin ya zo ba ta ce masa laifinsa ne ba, ba ta kuma ce ba laifinsa ba ne. Ta juya fuska bango.

"Tana nan," ya ce. "Tana jin ka."