Tiya Ɗari da Huɗu

Shekara ta uku ke nan ina koyar da lissafin kasuwanci a wata ƙaramar lakwal, wato makaranta, ta koyon aikin akawu a Birnin Konni, kuma har lokacin ɗan kwantaragi ne ni. Duk ƙarshen shekara sai an sake duba takardata. A wannan shekarar darakta ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: malamai biyu ne a fannin, ɗaya za a riƙe, kuma abin da sufeto ya rubuta bayan ya ga darasi shi zai raba gardama. Na san abin da ke jirana idan aka sallame ni. Yayyena biyu duk shekara suna barin garinmu Tajaye su tafi cin rani da an gama girbi, sai damina a gan su. Ni kaɗai ne a gidanmu nake kwana da iyalina wata goma sha biyu, kuma ban shirya rabuwa da wannan ba.

Darasin da ya faɗo a makon shi ne bambancin kuɗin ruwa na takarda da na zahiri. Da Faransanci muke karatu, amma ni na raɗa musu sunayen Hausa don su zauna a kan yara. Na takarda shi ne abin da banki ya rubuta zai ƙara maka. Na zahiri shi ne abin da ya ƙaru a kayan da kuɗin za su iya saya bayan farashi ya tashi. Kullum kafin in fara sai na gaya wa ɗalibai cewa ba cin riba nake koya musu ba, sanin yadda take aiki nake koya musu, domin wanda zai riƙe littafin ɗan kasuwa dole ya san inda ake yankar maigidansa.

Na ji daɗin faɗowar darasin, don a ganina babu mai sauƙinsa. Ka ɗauki na takarda, ka cire hauhawar farashin da ake tsammani, abin da ya rage shi ne na zahiri. Haka aka koya mini, haka na koyar shekara biyu, ba wanda ya taɓa ɗaga mini yatsa. Matata ta gan ni ina maimaita darasin ga bangon tsakar gida, ta ce in bangon ya ci jarrabawa a ba shi aikin, ita dai a kawo mata cefane.

Ranar Talata sufeto ya iso, dattijo siriri mai tabarau, ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya wuce bencin baya ya buɗe littafinsa. Na rubuta lissafi uku a allo. Banki ya ba da takwas cikin ɗari, ana tsammanin farashi zai tashi da uku: na zahiri biyar. Ana tsammanin zai tashi da takwas: babu ko ɗaya, kuɗinka sun yi yawa amma buhunka bai ƙaru ba. Ana tsammanin zai tashi da goma: ka yi asarar biyu, alhali takarda tana maka murmushi. Ɗalibai suna amsawa baki ɗaya. Na saci kallon sufeto, na ga bai rubuta komai ba, sai na ɗauka alheri ne.

Daɗi ya ɗebe ni, na yi abin da ban shirya ba. Na ce wani ya kawo misali daga kansa.

Akwai wata ɗaliba a layi na biyu, 'yar shekara goma sha tara, mahaifiyarta tana fataucin hatsi tsakanin Konni da tsallaken iyaka. Ba ta cika magana ba, amma in ta yi sai ta kai ƙarshe. Ta miƙe, ta roƙi izinin yin Hausa, na ba ta, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci.

“Mushe, a ce mutum ya aje naira ga banki, anka ce za a ba shi talatin cikin ɗari. Kuma kowa na ganin kaya za su tashi da ashirin da biyat. Nawa na na zahiri?”

Ko juyawa ga allo ban yi ba. Na ce biyar.

Ta dubi yatsunta. Sannan ta ce, “Mushe, huɗu na.”

Ina da zuciya, ban taɓa musun wannan ba. Na ji jini ya hau mini kai. A gaban sufeto! Na ce, “Talatin a cire ashirin da biyat, huɗu na? Wace lakwal kika yi? Zamna.” Ajin ya yi dariya, irin dariyar da ɗalibai ke yi don faranta wa malami. Ta zauna, amma ba ta sunkuyar da kai ba. A daidai lokacin na ga sufeto ya cire murfin bironsa ya fara rubutu, da sauri kuwa, kansa a ƙasa.

Na juya ga allo kamar zan ci gaba, alli a hannu, na kasa rubuta komai. Abin da ya tsayar da ni shi ne na san yarinyar. Ba ta taɓa kuskuren ragi ba, balle irin wannan da ɗan aji biyu ba zai yi ba. In ta ce huɗu, akwai hanyar da ta bi. Zan iya wucewa in bar maganar a rufe, ajin yana bayana. Amma idan ita ce da gaskiya, kuma mutumin nan na baya ya sani, to na gama yawo. Ba don kyawun hali na juyo ba, tsoro ne ya juyo da ni.

Na ce, “Taso. Gwada muna yadda kika samu huɗu.”

Ta karɓi allin. Ba ta rubuta wata ƙa'ida ba. Ta ce a ce kuɗin naira dubu ɗari ne, tiyar gero kuma naira dubu, wato yau kuɗin tiya ɗari ne. Bayan shekara banki ya ba ka dubu ɗari da talatin. Tiya kuma ta koma dubu da ɗari biyu da hamsin. Ta yi rabawar a gefen allo, a hankali, tana motsa leɓe. Ɗari da huɗu cif, babu saura.

“Tiya huɗu sunka ƙaru, Mushe. Ta biyat ɗin ban gane ta ba.”

Na tsaya ina duban lambar. Sai abin ya buɗe mini, tare da kunya mai zafi. Shi ma ƙarin dubu talatin ɗin a sabon farashi za a yi sayayya da shi, ba a tsohon ba. In ka cire dubu ashirin da biyar da tsada ta cinye, dubu biyar ta rage, gaskiya ne, amma dubu biyar a sabon farashi tiya huɗu take saya. Na tuna ma akwai wannan a littafin da muka yi karatu da shi, a ƙasan shafi da ƙananan haruffa, inda ba na kai ido: ragi gajeriyar hanya ce, ainihin lissafin rabawa ne.

Na juya ga ajin. Na ce, “Ita ad da gaskiya, ni na yi kure. Ku da kunka yi dariya, ku buɗe littafi.” Na ce mata ta yi haƙuri da maganar da na gaya mata. Ta gyaɗa kai ta koma wurinta.

Sauran mintin ashirin ba daga takardar shirina suka fito ba. Muka koma kan misalina na farko muka yi shi da tiya: ɗari da takwas a raba da farashin da ya tashi da uku, ya ba da ƙarin tiya huɗu da kusan tara cikin goma na tiya, wanda in ka kira shi biyar ba ka yi ƙarya mai yawa ba. Shi ya sa shekara biyu ba a kama ni ba, da ƙananan lambobi nake wasa. Sannan muka riƙe talatin ɗin yarinyar muna canza abin da ake tsammani. Idan farashi zai tashi da huɗu kawai, tiya ta zama dubu da arba'in, kuɗin su sayi tiya ɗari da ashirin da biyar, ragi kuwa ashirin da shida zai ce. Idan zai tashi da talatin, hanyoyin biyu sun haɗu a kan babu. Idan zai tashi da arba'in, tiya dubu da ɗari huɗu, ka tashi da tiya casa'in da uku ba kaɗan, asarar bakwai da ɗan ɗoriya, ba goma ba. Wani daga baya ya tambaya to wanne ne gaskiya a cikinsu. Na ce ranar da kake ajiye kuɗin ba wanda ya sani, da tsammani kake shiga, sai shekara ta zagayo tiya ta gaya maka. In tsadar ta wuce abin da aka zata, mai ajiya ne ya ji jiki, wanda ya ci bashin kuma ya sami sauƙi.

Aka buga ƙararrawa. Rigata ta jiƙe sharkaf a baya.

A buron darakta sufeto ya sa na zauna. Na riga na fara lissafin kuɗin mota zuwa Tajaye a zuciyata, da yadda zan gaya wa matata. Ya tambaye ni shekara nawa ina koyar da ragin nan ba tare da faɗin iyakarsa ba. Na ce biyu. Ya ce in nemo waɗanda suka wuce in gyara musu, duk wanda zan iya samu. Ya ce kuma “wace lakwal kika yi” ba maganar malami ba ce, kuma ya rubuta hakan. Na ce na ji. Sannan ya sa hannu a takardar ya tura wa darakta, darakta ya karanta, ya dube ni ya ce in shirya jadawalin baɗi.

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Da sufeto ya miƙe zai tafi, littafinsa yana buɗe a kan tebur, idona ya faɗa kan shafin. Rubutun nan da ya yi da sauri, wanda ya kusa tsayar mini da zuciya, ba a kaina yake ba. Lissafi ne. Ya rubuta talatin, ya rubuta ashirin da biyar, ya rubuta biyar a ƙasa. Sannan ya soke biyar ɗin da layi biyu, ya yi doguwar rabawa a gefe, ya rubuta huɗu ya zagaye ta. Ya ga na gani. Ya rufe littafin a hankali, ya gyara tabarau, ya ce, “Ɗiyar ga, ka riƙa ba ta alli.”