Dokar da Barau Mai Amalanke Ya Ƙi Yarda da Ita

Shekara goma sha tara Malama Ladidi tana koyar da 'yan aji biyar a firamaren garinsu, sannan aka ce wanda ba shi da takardar kwalejin ilimi ya ajiye alli. Ta shiga karatun hutu tana da shekara arba'in da uku. Duk darussa ta haye, in ban da kimiyyar motsi, wadda ta kayar da ita sau biyu. Karo na uku shi ne na ƙarshe, in ta faɗi ta bar koyarwa ke nan.

Malaminsu mutumin kirki ne, amma Allah ya yi masa baiwar tsawaita magana. Shafi talatin da takwas ya ba su a kan dokoki uku kacal, da Turancin da ko mai shi sai ya sha ruwa. Ita kuwa Ladidi tana da aƙida: abin da ba ta iya faɗa da Hausa ba, ba ta gane shi ba. Ta ɗaura ɗamarar mayar da shi shafi ɗaya.

Doka ta farko ta ba ta haɗin kai: abin da ke tsaye zai zauna a tsaye, mai tafiya zai miƙe da gudunsa, sai in wani ƙarfi daga waje ya taɓa shi. Ta biyu ma haka: gwargwadon ƙarfin da ya yi rinjaye a kan abu, gwargwadon yadda gudunsa ke sauyawa, kuma jibgegen abu ya fi wuyar sauyawa. Ta uku ta yi mata aski sosai: duk abin da ka ja, yana janka baya da ƙarfi daidai da naka. Sauran layukan ta soke su, ta ce surutu ne.

'Yan ajinsu talatin suka kwafi takardar, har suna kiranta Farfesa. Ba za a ɓoye ba, ta ji daɗi.

Ana jibi jarrabawa, wanta Barau, mai ɗibar yashi da amalanken shanu, ya biyo da hantsi shan fura. Ta karanta masa don ta burge shi. Yana jin ta uku ya dire kwano.

"Ke Ladidi, wa ya faɗi wannan?"

"Masana, Yaya."

"To masanan ba su taɓa kora shanu ba. In amalanke na jan bijimaina baya daidai da yadda suke jansa, ai an yi canjaras. Yashin da nake kaiwa kullum aljanu ke turawa?"

Ta sake duban takardar. Kunya ta kama ta, sannan tsoro, don ba ita kaɗai ta haddace abin ba.

Ta koma wa shafukan nan, ta bi layukan da ta soke ɗaya bayan ɗaya. A shafi na ashirin da shida ta same shi, 'yan kalmomi ƙalilan: ƙarfin biyu ba a kan abu ɗaya suke ba. Ta bi Barau har bakin rafi.

"Yaya, jan shanu a kan amalanke yake, jan amalanke a kan shanu. Ba sa kashe juna. Amalanke yana tashi ne in jan shanu ya fi riƙon da yashi ke yi wa tayoyinsa."

"Su shanun fa, me ke kai su gaba?"

Ta hau laluben shafukan.

"Farfesa ta ƙare," in ji Barau. "Zo da damina ki ga taɓo. In kofato na zamewa, ko bijimin ya kai giwa ba inda za shi. Sai ya taka ƙasa mai tauri."

"Suna tura ƙasa baya, ƙasa na tura su gaba!" Har ta manta ta riƙe masa hannun riga.

Ranar jarrabawa ta tsaya a ƙofar zaure da jan biro tun da sassafe. Duk wanda ya zo ta karɓi takardarsa ta ƙara layi biyu.

"Farfesa ma tana kuskure?" in ji wata Uwale.

"Farfesa na bakin rafi yana lodin yashi. Miƙo taki."

Tambaya ta huɗu doki ne da keken kaya, ana neman dalilin da ya sa suke motsawa. Ladidi ta cika shafi.

Da sakamako ya fito ba ta yi fice ba, amma ta haye. Ta koma ajinta, tana nan har yau da allinta. Takardar kuwa tana yawo a kwalejin, an kwafa an sake kwafa har ta dushe, kuma a ƙasanta akwai rubutun Ladidi: "Gyaran Barau mai amalanke." Ranar da ta kai masa tasa ya jujjuya ta, ya rage murya.

"Nuna mini inda sunan nawa yake."

Ta kama yatsansa ta ɗora a kai.